Hannun da Ke Riƙe Igiyata

Sana'ata haƙar rijiya ce, kuma a Tudun Wada na koye ta, lokacin da jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Zariya ba. Kullum baƙi na sauka, kowa ya kafa gida sai ya nemi ruwa, saboda haka ba ma rasa aiki. Maigidanmu wani dattijo ne mai faɗan tsiya, tsohon mahaƙi, yana da igiyoyinsa da kwandunansa da mu ma'aikatansa 'yan kaɗan. Ni ne mai shiga rami. Mai riƙe mini igiya kuwa yayan matata ne. Shi ya kai ni wurin maigida, shi ya ba ni ƙanwarsa. Yaya nake ce masa, kuma ban taɓa ɗaga murya a gabansa ba, ko sunansa ban taɓa kamawa ba.

Wanda bai taɓa shiga rijiya ba yana tsammanin mai haƙa ne gwani. Ba haka ba ne. Ana gicciya gungume a bakin rami, igiya ta bi ta kansa. Kai kana ƙasa da dagi, ka cika kwando da ƙasa da duwatsun marmara, na sama ya ja. Duk lokacin da kwandon nan ke tafiya sama, a saman kanka yake, ba ka da wurin gudu sai dai ka manne da bango. Bayan Allah, ranka na hannun na sama. Yaya kuwa duk garin an san hannunsa, kwandonsa ba ya ko taɓa bango.

Wata rana a Tudun Jukun wasu daga cikin ma'aikatan maigida suna aiki, mai igiyarsu ya saki kwando cike ya faɗa wa mahaƙi, ya karya masa kafaɗa. Da aka matsa kusa da mai igiyar sai aka ji warin burukutu. Ashe daga Sabon Gari ya wuto wurin aiki. Maigida ya kore shi nan take, ya kai mai karaya wurin maɗori, sannan ya je wurin malamin unguwarmu aka rubuta masa takarda da ajami. Ya liƙa ta da ƙaro a bangon zaure, ya tara mu, malam ya karanta.

Takardar ta ce duk wanda ya sha giya, ko burukutu ko bammi ko wace iri ce, kada ya zo aiki, in ya zo korarre ne. Wanda ba shi da lafiya, ko bai yi barci ba, ko yana jin jiri, ya faɗa tun kafin a fita, za a ba shi aikin kwasar ƙasa, ba za a ba shi igiya ba. Kada kowa ya shiga rami sai an zura fitila an ga ba ta mutu ba, shaidar akwai iskar shaƙa a ciki. Sai kuma ta ƙarshe, wadda ta ɓata mana zama: wanda ya san ɗan'uwansa ya sha ya rufa masa asiri, tare za su tafi.

Maigida bai tsaya nan ba. Kowace safiya sai ya zauna bakin zaure, mu zo ɗaya bayan ɗaya mu durƙusa mu hura masa numfashi a fuska. Bawan Allah ya sha warin daddawa da albasa da tuwon jiya, yana yamutsa fuska yana cewa, "Wuce. Na baya." Mun yi dariya ranar farko, daga nan dariya ta ƙare. Kowa ya koma kallon kowa. In idonka ya yi ja, an lura. In ka cika baki da goro da sassafe, sai a ce me kake ɓoyewa? Wani ya yi tuntuɓe da gungume, sai da aka yini ana ƙus-ƙus a kansa.

Ni da ma can Allah ya yi ni mai zargi, matata ta sha gaya mini. Amma ban taɓa kawo Yaya a raina ba. Tun da na san shi ban taɓa ganin sa da ƙoƙon giya ba, ga shi ba ya rasa jam'i. Ko shinshinarsa kafin takardar nan ba wanda ya taɓa yi, wa zai kai hanci bakin babban mutum?

Kwana kaɗan da liƙa takardar sai na ga ya canja. Da safe ana sanyi shi yana gumi. An miƙa masa koko, ya karɓa da hannu biyu, duk da haka sai da ya zuba a rigarsa, ya ajiye bai sha ba. Mutumin da ba ya faɗa ya zagi wani a kan wata wuƙa, abin da bai taka kara ya karya ba. Na ce a raina, shi ke nan, Yaya yana sha. Amma kullum sai ya hura wa maigida, maigida ya ce, "Wuce."

To, ta ina yake bi? Na ce ko kanumfari yake taunawa. Na tsaya kusa da shi a sahun salla ina jan numfashi, Allah ya yafe mini, ban ji komai ba sai gumi. Ana ta cewa akwai barasar Turawa da ake shigowa da ita a ɓoye cikin jirgi, na ce ko irinta ce, ko ita ba ta wari. Har na fara tunanin ko maigida ya sani yana rufa masa asiri saboda sun daɗe tare. Na bi ta bayan gida na tambayi matata lafiyar gidan Yaya. Ta ce matarsa ta ce ba ya barci, ba ya cin abinci. Sai ta dube ni ta ce, "Me ya sa kake tambaya?" Na ce babu komai. Ta ce, "Kai dai ka yi hankali da bakinka."

Nan fa na rasa yadda zan yi. In na yi shiru, ni ne a ƙarƙashin kwandon. In na yi magana, suruki zan tona wa asiri, ba kuma tare da shaida ba. Mutum ba ya duban yayan matarsa ya ce masa mashayi. Tsoro nake ji, haushi kuma nake ji, na rasa wanda zan sauke wa.

A lokacin muna haƙa a gidan wani mai fataucin goro, nan cikin Tudun Wada. Ramin ya yi zurfi, mun wuce marmara mun kai ƙasa mai laima, inda matakan da muke sassaƙawa a bango ba sa riƙe ƙafa, dole sai da igiya. Da hantsi aka zura fitila, ta dawo tana ci. Na ɗaura igiya a ƙugu na yi bisimilla na sauka. Tun ina sauka nake jin wani abu a igiyar, wani ɗan kaɗawa kamar an riƙe kaza a hannu.

Na cika kwando na girgiza igiya. Ya tashi, ya bugi bango, ƙasa ta zubo mini a ka. Ya sake bugawa. Yana tsakiyar hanya sai ya tsaya, ya sulluɓo ƙasa kamar kamu ɗaya, aka riƙe. Wani dutse ya faɗo kusa da ƙafata. Na manne da bango ina kallon gindin kwandon yana lilo a kaina, ina salati. Da ƙyar ya kai sama.

Kwando ya dawo babu komai ciki, ban taɓa shi ba. Na ɗaga kai na kira maigida. Murya daga cikin rijiya ba ta da sirri, duk wanda ke tsakar gida zai ji, har matan da ke bayan danga.

Maigida ya leƙo ya ce, "Lafiya?"

Na ce, "Baba, a canja mai igiya."

"Don me?"

Na dubi kwandon, ya sake tambaya da tsawa. Na ce, "Hannunsa na rawa."

Ya ce, "Kai, ka san wanda kake magana a kai? Da hancina na shinshine shi yau da safe!"

Na ce, "Baba, ban ce ya sha ba. Na ce ba zan cika kwandon nan ba, ba kuma zan hau igiyar nan ba, sai an canja."

Can sai na ji muryar Yaya a hankali yana cewa, "Gaskiya ya faɗa. Zo ka karɓa." Wani ya karɓa, aka jawo ni.

Na tarar da Yaya zaune a kan tulin ƙasa ya matse hannuwansa tsakanin gwiwoyi, suna ta karkarwa. Maigida ya kori sauran gefe, ni kuwa Yaya ya ce in tsaya. Ya ce shekara da shekaru yana sha, kullum da safe ɗan ƙoƙo kafin ya fito, da yamma ya ƙara, wata mata ce ke kawo masa ta bayan gida. Ya ce ranar da malam ya karanta takarda ya rantse ya bari, kuma tun daga ranar ko ɗigo bai shiga bakinsa ba. "Tun da na bari jikina ya ƙi ni," in ji shi. "Na ɗauka kwana biyu zai wuce."

Ashe duk shekarun da nake yabon hannunsa, da giya a cikinsa yake ja na. Ni da nake neman wari, abin da ke damunsa rashin giyar ne. Tausayi da tsoro suka haɗu mini.

Maigida ya dubi Yaya. Ya ce, "Ba ka sha ba, ba zan kore ka ba. Amma takarda ta ce marar lafiya ya faɗa, ba ka faɗa ba, ka kusa kashe mijin ƙanwarka. Ka je gida ka kwanta a nemo maka magani. In ka tashi ka zo ka kwashi ƙasa. Igiya kuwa sai na ga hannun nan ya natsu, ya daɗe a natse."

Da Yaya ya tashi ya dawo ya kwashi ƙasa yini ɗaya, a gaban mutanen da shi ya koya musu ɗaurin igiya. Kowa na satar kallon hannunsa. Washegari bai zo ba. Matata ta daina yi mini magana sai ta dole.

Bayan kamar mako, da safe muna shirin zura fitila, sai ga Yaya ya shigo da wankakkiyar riga, yana tafiya daidai. Bai je wurin maigida ba, wurina ya zo. Tun kafin ya iso warin ya riga shi. Ya miƙo mini hannuwansa biyu, a shimfiɗe, ko motsi ba sa yi.

Ya ce, "Ga su, sun daina rawa. Yanzu za ka shiga?"

Na sunkuyar da kai na ce, "A'a, Yaya."