Saƙon da Ba Furanni a Cikinsa

Tun tana yarinya a Nagasaki, Chihaya kan zauna bakin teku tana ƙera jiragen ruwa a zuci. Da ta gama jami'a, ta yi ta aika wa injiniyoyi dogayen saƙonni, ta buɗe da zancen furannin bazara yadda aka saba a wasiƙun Japan, ta rufe da ban haƙuri. Shiru kake ji.

Ran nan ta share zancen furannin, ta rubuta wa Injiniya Kuroda, wadda ba su taɓa haɗuwa ba:

"Ranki ya daɗe, ƙirar jirgi na karanta. Jirgin fiton da kika zana nake hawa kullum. In fara daga masana'anta ko ofishin zane?"

Washegari amsa ta iso: "Masana'anta, 'yata, ki shaƙi hayaƙin walda tukuna. Af, kin manta furanni. Nan ma sun buɗe."