Riga Ɗaya, Kala Bakwai

A layin shagunan kowa Anti Mai Riguna yake ce mata, a gida kuwa Yaya ce. Gajeriyar mace ce mai gilashi, ta doshi arba'in, kullum da tef ɗin awo a wuyanta, har takan manta ta shiga mota da shi. Tun tana 'yar shekara goma sha shida ta hau keken ɗinki, lokacin da mahaifinsu ya kwanta jinya aka rasa mai tallafa wa gida. Ta yi shekara tara tana ɗinki a shagon wata, kafin ta kama nata, wanda bai fi ɗaki ɗaya ba: keke biyu a baya, madubi a jikin bango, labulen gwaji, da mutum-mutumi guda a bakin ƙofa wanda hannunsa na hagu ya ɓalle aka ɗaure da zare. Ba ta iya hira da kwastoma ba, amma in ta dube ka sau ɗaya ta san faɗin kafaɗarka.

A shekarar da wannan abu ya faru ta fito da wata doguwar riga ta kanta, mai tattara a ƙugu da hannu mai buɗewa. Sati biyu tana yankawa tana farkewa kafin tattarar ta kwanta yadda take so. Ta sayo yadi bandir bakwai, kala bakwai, duk ba zane a jiki, amma guda ɗaya kawai ta ɗinka, ruwan toka mai haske. Ta je wajen Mai Hoto da ke ƙarshen layin ta ce masa ya jira ta gama sauran shidan, sai a ɗauka gaba ɗaya ta sa a waya.

"Haba Anti, wace wahala ce wannan?" in ji Mai Hoto. "Hoto ɗaya ya isa. Ki samo wadda za ta sa, ki yanko min ƙyalle daga kowane bandir. Sauran aikin na kwamfuta ne."

"Wato ƙarya za mu yi wa mutane?"

"Ƙarya ita ce ki nuna kalar da ba ki da ita. Ni daga ƙyallenki zan ɗauko."

Ana cikin haka Auta ta shigo da saƙon Mama. Auta ƙanwarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara goma sha huɗu ce tsakaninsu. Doguwa ce, tana aiki a wani kantin magani, kuma tun tana goye mutane ke tsayawa su kalle ta. Yaya ce ta goye ta, ita ta ɗinka mata kayan makaranta tun daga aji ɗaya. Ba tare da wani tunani ba Yaya ta miƙa mata rigar ta ce, "Ke, shiga bayan labule ki sa wannan."

Mai Hoto ya tsayar da Auta jikin farin bango, kusa da ƙofa inda hasken safe ke shigowa, ya ce ta ɗan janye hannuwanta daga jikin rigar. Ya ɗauka, sannan ya jera ƙyallayen nan a wurin ya ɗauke su a cikin hasken ɗaya. Yaya ta zauna a bayansa tana kallo ya zagaye rigar kaɗai a kwamfuta, ya bi gefen wuyan Auta da na yatsunta a hankali don kada kala ta taɓa fata. Ya ɗauko shuɗi daga hoton ƙyallen ya zuba, rigar ta koma shuɗiya, tattarar nan da inuwarta duk suna nan. Ya yi kore, ruwan hoda, ruwan ƙwai, ruwan ƙasa da ja. Ya ce ta rubuta a ƙasa cewa kala kan ɗan bambanta daga waya zuwa waya.

Ta ɗora hoton da azahar: Auta bakwai a jere, murmushi ɗaya, riga bakwai. Kafin a rufe shago wayarta ta yi zafi. A sati guda ta karɓi odar da ba ta taɓa karɓa a wata biyu ba, har ta ɗauko tela ta biyu.

Daɗin bai daɗe ba. Wata mata ta shigo da waya a hannu ta ce, "Nan ne shagon wannan baiwar Allah?" Yaya ta ce nan ne shagon da aka ɗinka rigar. Matar ta leƙa bayanta ta ce, "Ita mai shagon ba ta nan?" Wata ta ce rigar Auta take so, koriyar. Mai sayar da takalma na kusa da ita ya ce, "Anti, ashe da zinariya a gidanku kike ɓoyewa." A ƙarƙashin hoton an yi magana ta fi ɗari, Yaya ta bi su ɗaya bayan ɗaya da gilashinta a kan hanci. Masha Allah, tsayi. Masha Allah, murmushi. Mutum biyu ne kacal suka ambaci tattarar.

Na gida ya fi ciwo. Ta kai wa Mama gaisuwa ta tarar ta sa jika ta ɗora mata hoton a fuskar wayarta, tana nuna wa wata maƙwabciya.

"Kin ga Autata? Kowace kala karɓar ta take yi. Ko buhu ta sa sai ya yi kyau."

"Ba buhu ba ne, Mama," in ji Yaya. "Sati biyu na yi a kansa."

"To ai na sani, ke dama aikinki ne."

Dama aikinta ne. Ta tafi da maganar nan a ƙirji har gida. Mijinta ma da ya ga hoton cewa ya yi, "Kai, yarinyar nan ta tayar miki da kasuwa," ya ci gaba da cin abincinsa. Ranar kwanukan da ta wanke sun ji jiki.

Da safe ta je wa Mai Hoto ta ce ya yanke kan.

"Kan wa?"

"Daga wuya zuwa ƙasa nake so. Riga nake sayarwa, ba fuska ba."

Ya dube ta, ya dubi kwamfuta, ya yanke. Ta sauke tsohon hoton ta ɗora sabon. Auta ta gani, don waya ta nuna ta gani, sai ta daina biyowa ta shago in ta tashi daga aiki.

Wannan ma bai sanyaya wa Yaya rai ba, don mutane sai tambaya suke ina fuskar. Da ta gama sabuwar riga ta biyu, mai maɓallai a gaba, sai ta ƙudura ita za ta sa abinta. Shuɗi mai duhu ta ɗinka, don shi ke ɓoye mata ƙiba. Kunya ta hana ta zuwa wajen Mai Hoto. Ta rufe ƙofar shago, ta jingina waya a kan keke, ta tsaya ƙarƙashin ƙwan lantarki mai ja-ja, hannunta ɗaya a ƙugu. Ta sauke wata manhaja ta canza kala da kanta, ba ƙyalle ba komai, da ido kawai. Yadi mai duhu ba ya komawa mai haske da sauƙi. Ruwan hodar ya fito kamar an jiƙa shi a ruwan wanki, sai ta yi ta ƙara masa ƙarfi har ya koma wani kaifin launi da babu irinsa a shagonta. Lanƙwasar yadin ta ɓace, rigar ta zama kamar kwali. Ta ga fuskarta ta fito da kyau, ta ɗora.

Mutum biyar suka yi oda. Ta farko da ta zo karɓa ta buɗe leda ta ce ba wannan kalar ta gani ba, ta ɗora waya a kan rigar, kuma gaskiyarta ce. Ta bar ta a kan tebur ta fita. Mai takalma kuwa ya leƙo yana danne dariya ya ce, "Anti, wane irin lalle kike sawa? Na ga yatsunki kore a wani hoton, ja a wani." Ta duba. Hannun da ta ɗora a ƙugu ya bi rigar, kowace kala da nasa. Ta sauke hoton, ta shiga bayan labule ta zauna a kan kujerar gwaji har aka yi la'asar.

A nan Auta ta same ta, da farar rigar aiki a jikinta. Ta zauna a kan bandir ɗin yadi.

"Yaya, me na yi miki kika yanke min kai?"

"Ba ki yi komai ba. Ai matsalar ke nan. Minti goma kika tsaya jikin bango, gari ya ɗauka. Ni shekara ashirin da biyu ina kan keke, Mama ta ce buhu."

Auta ta ce, "A wurin aiki cewa suke in ara musu koriyar, wai tunda ina da bakwai. Na rasa yadda zan ce musu ko ɗaya ba ni da ita. Wadda na sa ɗin ma kin sayar washegari."

Gaskiya ne, ko kuɗin mota Yaya ba ta ba ta ba ranar.

"Kuma mai shagon da ke tsallaken titi ta kira ni in sa mata kayanta," in ji Auta. "Har da biya."

"Wa? Waccan da kalmasarta ke tafiya kamar maciji?" Yaya ta miƙe tsaye. "Kika ce mata me?"

"Na ce sai na tambayi yayata."

"To yayarki ta ce a'a. Tashi in auna ki. Wace kala kike so?"

Koriyar ta zaɓa. Bayan kwana huɗu suka koma wajen Mai Hoto da rigar maɓallan, wadda Yaya ta sake ɗinkawa da yadi mai haske a kan awon Auta, da ƙyallaye a leda. Aka ɗauka da kai da komai. Suka yi magana a kan abin da Yaya za ta riƙa ba Auta duk hoto, Auta ta ja ciniki kamar ba 'yar uwa ba.

Kishin dai bai tafi ba, ya dai koyi zama. Har yau in mace ta shigo tana neman baiwar Allah ta cikin hoto, Yaya takan ɗan ɗaure fuska ta ce, "Tana wurin aikinta. Ɗaga hannu in auna ki." In kuma ana shirin sabon ɗauka, tana durƙushe a gaban Auta da fil a baki tana gyara ƙasan riga, mita take yi cewa tsayin nan nata na banza rabin yadi yake ci mata a kowace riga. Auta takan ce ai ba ita ta yi kanta ba. Yaya ta ce ta tsaya cak ko ta soke ta.