Gibin da Ginshiƙi Ya Cinye

Za ka iya ƙirga sha biyu, ka dawo ɗaya, ka sake ƙirgawa, kana yi kana maimaitawa har tsawon awa guda ba tare da ka ƙara sauri ba? Wannan ce sana'ar mutumin da 'yan ƙungiyarsu ke kira Ginshiƙi, kuma da ita ya aurar da 'ya'yansa uku.

Ba ganga yake kaɗawa ba. Ƙarfe ne a hannunsa na hagu, mai rami kamar ƙararrawar da aka cire wa harshe, sai ƙaramar sanda a dama. Ganguna huɗu ne a ƙungiyar, babbar tana hannun ƙanensa, shi ne shugaba. Amma duk abin da suke yi a kan ƙarfen nan yake zaune. Zagayen kiɗan nasu gurbi sha biyu ne daidai wa daida. Sanda tana sauka a bakwai: ɗaya, uku, biyar, shida, takwas, goma, sha biyu. Sauran biyar ɗin shiru ne. Diddigensa kuma yana taka ƙasa sau huɗu, a ɗaya, huɗu, bakwai da goma. Hannu da ƙafa ba sa haɗuwa sai a ɗaya da goma.

Ya kan ce wa sababbin shiga, "Bugu kowa ya iya. Shirun nan biyar su ne aikin. In ka gutsuri ɗaya ka ci, sai ka cinye gidan duka."

Doka ɗaya gare shi: mai ƙarfe ba ya bin kowa. Ganga tana iya yawo, mai rawa yana iya zamewa, su ne za su nemo shi su dawo. Shi ya sa yake kafa ido a ƙasa tsakanin ƙafafunsa, har ƙanensa yana tsokanarsa: "Yaya, allurar nan da ka yar ba ka gan ta ba har yau?"

Kunne ne ya fara cin amanarsa. Da farko wani siririn kuka ne a na hagu, wajen da ƙarfen yake. Daga baya maganar mutane ta koma kamar ana yi daga cikin randa. Matarsa ce ta fara ganewa, ran da ta kira shi daga bakin ƙofa bai waiwayo ba sai da ta taɓa kafaɗarsa.

Ta ɗaga murya ta ce, "Baban yara, ka faɗa wa ƙanenka."

"In ce masa me? Ya ba ni kujera a bakin ƙofa in riƙa tsaron takalma?"

"Ai gara takalman da abin kunya."

"Ke dai zuba min ruwa. Ƙarfen a hannuna yake, ba a kunnena ba."

Gaskiya ya faɗa, domin yana jin girgizar ƙarfen a tafinsa, diddigensa ma bai manta komai ba. Abin da ya rasa shi ne gangunan. A ɗakin gwaji, tsohon sito mai rufin kwano, sai ya ji su sun narke sun zama rugugi ɗaya. Tsoro ya shige shi: in ya kauce fa, wa zai gaya masa? Sai ya ɗago ido, a karo na farko tun yana saurayi, ya samu abin dogaro: ƙafar Barewa.

Barewa shi ne babban mai rawarsu, kuma mijin 'yarsa ta fari. Ƙafarsa ba ta kuskure ɗaya. Ginshiƙi ya ce a ransa, in na daidaita sandata da diddigen yaron nan, ba zan ɓata ba. A gwaji abin ya tafi, domin gajeru ake yi a tsaya. Sau ɗaya ƙanensa ya kalle shi ya ce wani abu yana dariya. Ginshiƙi bai ji ba, ya yi dariya shi ma.

Aka gayyace su wasa a zauren wani otal, mai daɓen siminti da fitilu masu zafi. A ƙarshen wasan akwai cillawa: mutum biyu su jefa Barewa sama a bakwai, ya juya a iska, su cafe shi a ɗaya, su ja baya da nauyinsa. Gurbi shida ke nan. Sun yi shi har jikinsu ya daina tunani.

Kafin su fara wasan, Barewa ya rusuna ya ce da ƙarfi, "Baba, a riƙe mana gidan da kyau, jikanka na jiran takalmin makaranta."

Ginshiƙi ya gyaɗa kai.

Ido yana ganin ƙafa tun tana hanyar sauka, hannu kuwa ba ya jira. Sandar ta riga diddigen Barewa da ɗan ƙiris. Barewa ya ji ƙarfe ya zo da wuri, ya yi abin da aka koya masa, ya bi ƙarfe. Ginshiƙi ya ga ƙafa ta ƙara sauri, ya bi ƙafa. Kowane zagaye shirun nan biyar suna ƙanƙancewa. Bugu bakwai suna nan, tsari bai ɓaci ba, shi ya sa 'yan kallo suka ɗauka armashi ne, suka miƙe suna tafi. Ƙanensa ya danna babbar ganga da nauyi don ya ja shi baya, ya yi masa ihu, ya zare masa ido. Ginshiƙi ƙafa yake kallo.

Aka jefa Barewa a bakwai. Jiki in ya tashi sama ba ruwansa da ƙarfe, lokacinsa na sauka yana nan yadda yake. Ɗaya ta iso yana cikin iska. Mutanen biyu suka miƙa hannu suka ja baya babu nauyi. Ɗayansu ya samu ƙafa kawai, sauran jikin ya sauka a siminti da ƙugu.

Ginshiƙi bai ji ƙarar ba. Sai da ya ƙara zagaye guda shi kaɗai a zauren kafin ya ga ganguna sun tsaya.

A barandar asibiti ƙanensa ya tsaya a bayansa ya kira shi. Bai juyo ba. Ya zagayo gabansa ya daɗe yana kallonsa.

"Tun yaushe, Yaya?"

Ginshiƙi ya karanta leɓensa, ya sunkuyar da kai.

"Da ka faɗa, da na zaunar da kai kusa da ni ka ɗora ƙafa a jikin gangata. Ko ka ci gaba da kallon ƙasarka, mu biyo ka. Ba kunnenka muke bi ba."

Barewa ya tashi, amma da sanda. Yanzu gyaran takalma yake yi a bakin titi. Yana gaishe da surukinsa, yana rusunawa iyakar yadda ƙugun ya bari. 'Yar ce dai ba ta ƙara zama a ɗakin mahaifinta har shayi ya huce ba. An miƙa ƙarfen ga wani. Ba a kori Ginshiƙi ba, shi ne ya daina zuwa.

Yana zaune yau a ɗakinsa, kujerar roba kusa da taga. Matarsa ta ce diddigensa bai daina ba, ko yana cin abinci, ɗaya, huɗu, bakwai, goma, kuma ta lura ba ya ƙara sauri ko kaɗan.

Ka gwada. Ɗauki cokali da kofi, ka taka ƙafa sau huɗu a zagaye, ka buga bakwai ɗin, ka ba kowane shiru cikakken wurinsa. In wani ya tashi yana taka rawa a gabanka, ka sunkuyar da kai ka kalli ƙasa.