Littafin Dangwale a Hanyar Zurmi

Ni ce sakatariyar ƙungiyarmu ta mata a Ƙaura Namoda, muna raba garin kunu ga yara masu tamowa. Masu ba mu tallafi ba sa sakin kashi na biyu na kuɗin sai sun ga rahoton aiki da shaidar abin da aka kashe. Kasuwar ƙauye kuwa babu rasit, sai dai mai gero ya dangwala yatsa a littafinmu. Littafin yana cikin jakar da na yar ranar da ɓarayin daji suka tare motarmu a hanyar Zurmi.

Gari saura buhu biyu, shugabarmu ta turo mini tawada.

"Ɗiyata, yatsu goma gare ki. Wa za ya gane?"

"Hajiya, in suka gane, sun rufe mu ke nan."

Na rubuta wa masu tallafin gaskiya, na roƙi a saki kuɗin. Suka ce sai an sake karɓo dangwalen. Ranar kasuwa na shiga motar Zurmi ina ta salati, sabon littafi ɗaure a cikina da zane.