Makullin da Ya Kwana Shida a Hannun Tela

Tela matsoraciya ce, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. Ko ƙadangare ya faɗo sai ta yi salati. Maƙwabta suna ce mata Uwar Fargaba, tana amsawa.

Shekara tara tana haya a ɗakin ƙurya, ita da keken ɗinkinta da mahaifiyarta da ba ta iya tashi. Da damina bangon ya tsage daga sama har ƙasa, daidai kan gadon tsohuwar. Kullum da safe sai ta share ƙasa daga matashin kai. Ran goma ga wata ta kwashe kayanta zuwa wani ɗaki a bayan kasuwa. Mai ɗakin ya yarda ta shiga, da sharaɗin ta kawo dubu ashirin da huɗu kafin Juma'a ta sama, ko ta fita.

Ta yi lissafinta. Ta biya hayar wata dubu goma sha biyar, wato ɗari biyar kullum, kuma tun shigarta tsohon gidan sun yi da mai gida zai mayar da kuɗin kwanakin da ba ta zauna ba. Kwana ashirin, dubu goma. Ajiyarta ta ɓarna dubu ashirin. A cire bashin wuta da ruwa dubu shida. Daidai wa daida.

Sai dai kai makulli ya gagare ta. Mai gida mutum ne mai tsawa, ga shi tana tsoron ya ɗora mata tsagewar bangon ya cinye ajiyar. Sau biyu tana isa ƙofarsa tana juyowa. Sai ran sha shida tsohuwar ta ce in ba za ta je ba, a goya ta ta je da kanta. Dole Tela ta kai makullin.

Mai gida ya duba ɗakin, ya ce bango nasa ne, ba zai taɓa ajiyarta ba. Ta sauke numfashi. Sannan ya ƙirga mata dubu ashirin da ɗaya.

"Ranka ya daɗe, ai ran goma na tashi."

"Ke kika tashi, Uwar Fargaba. Makullina bai tashi ba. Ɗaki naki ne har ranar da ya dawo hannuna."

Kwana goma sha huɗu ya mayar, dubu bakwai. Ya ƙara da cewa in kuɗin bai ishe ta ba, ɗakin na nan. Ta kalli bangon, ta karɓi kuɗin ta fita.

Katifarta ta sayar ta cike dubu ukun. Har yau a tabarma take kwana.

Da yamma ta koma tsohon gidan, ta tara maƙwabta a tsakar gida.

"Ni dai ba zan iya faɗa wa mai gida ba, kun san ni. Don Allah duk wanda ya zo ganin ɗakin nan, ku ɗaga masa labule ya ga bangon."