Cefanen Baki Ɗaya

Yayata ta yi shekara ashirin da bakwai tana shugabar masu girki a wata makarantar kwana, kuma har ta ajiye aiki ba wanda ya taɓa kama ta da ruɓaɓɓen tumatir. Ni ne autan ɗakinmu, sana'ata ɗinki, amma kowace Asabar nakan rufe shago in zama ɗan dakonta, ba albashi ba fansho.

Ita ba ta fara cefane daga kasuwa. Ranar Juma'a da yamma takan raba takarda gida bakwai, ta rubuta abin da za a ci safe, rana da dare. Ganye da ɗanyen kifi su ne na farkon mako, don ba su da haƙuri. Kabeji, karas da dankali a tsakiya. Wake da taliya a ƙarshe, su da ko shekara suka yi ba sa ƙorafi. Daga nan ta fitar da kayan da kowane girki yake bukata, ta auna da yawan bakunan gida, ta leƙa sito da firji ta soke abin da yake akwai. Sai ta sake kwafe sauran bisa layin kasuwa: masu hatsi, masu kayan miya, masu kifi daga ƙarshe, ƙofar fita. Ba komawa baya, don a komawa baya ne ido yake cin amanar aljihu. Kuma dole mu ci mu ƙoshi kafin mu fita.

"Mai yunwa ba ya cefane, Auta," in ji ta. "Kwasa yake yi."

Na taɓa sayo kankana don ta yi mini murmushi. Kankanar, ba mai sayarwar ba. Yaya ta dube ni ta dubi takarda. "Wace rana ce wannan?" Na ce ranar farin ciki. Ta ce babu ita a makon nan.

Da haka ta riƙe gida mai baki takwas. Yara suka girma suka watse, ya rage ita da maigidanta. Bara Allah ya yi masa rasuwa, hannunta kuwa bai samu labari ba, ya ci gaba da ɗebo na mutum biyu, wani lokaci na huɗu. Rannan jiri ya ɗebe ta a matakalar bene. Babban ɗanta, wanda muke kira Injiniya, ya zo da matarsa dubiya, matar ta buɗe firji neman ruwan sanyi ta tarar da alayyafo ya narke a leda, tumatir ya yi gemu. Baiwar Allah, ta dai rufe a hankali. Rufewar ce ta fi ciwo.

"Mama, zaman nan ke kaɗai ya isa," in ji Injiniya. "Ga ɗaki can a gidana. Asabar ta sama zan dawo mu ƙarasa maganar."

Yaya ta san ɗakin. Ta kuma san kicin ɗin gidan yana da mai shi. Da suka tafi ta ce da ni, "Ka ga abin da suka gani ko? Ɓarna. A firjina." Na ce ni dai jirin na ga ya fi damun yaron. Ta ce in yi shiru, me tela ya sani ban da ƙarya da sai gobe.

Juma'ar nan ta zauna ta yi jerin da ba ta taɓa yin irinsa ba. A saman takardar, inda take rubuta yawan masu ci, ta rubuta ɗaya. Ta daɗe tana kallonsa.

Ashe cefanen baki ɗaya ya fi na ɗalibai ɗari biyar wuya. Kasuwa ba ta san mutum ɗaya ba. Ƙaramin kashin tumatir na mutum uku ne, kabeji kuwa ba a yanka maka kwata. Sai ta bi ta wata hanya: kabeji ɗaya ya shiga girki uku, kifi biyu a raba huɗu, rabin tumatir a dafa miya a ranar, rabi a markaɗa a daskarar. Mai kayan miyan da ta yi shekaru tana saye a wurinsa ya ga ta ɗauki albasa uku, ya ce, "Hajiya, yau magani za a haɗa?" Ya miƙo gyara, ta mayar masa. Ba ya cikin takarda.

Kwandon bai kai nauyin almakashina ba.

Makon nan aiki ya riƙe ni a shago, sai waya. Kullum in na kira takan ce ta girka na yau, daidai da takarda, ko ɓawon albasa bai yi saura ba. Na ce madalla. Tambaya ɗaya ce ban yi ba, ni da ake cewa bakina ba ya gajiya.

Asabar Injiniya ya zo shi kaɗai. Yaya ta sha sabon ɗinkin da na yi mata wata biyu da suka wuce, na ga kafaɗar tana zamewa, na ɗora laifin a kan awona. Ita da kanta ta ja shi kicin. Ta nuna masa kwandon kayan miya, wayam, a wanke. Ta nuna masa takarda, kowane gida da alamar an girka. Sannan ta buɗe firji tana murmushi irin na wadda mai duba makarantu ya zo ya rasa abin kamawa.

Robobi ne a jere, masu murfi, kowace da ranarta a rubuce a jiki, yadda ta saba yi a wurin aiki. Ba abin da ya ruɓe. Injiniya ya ɗauko ta Litinin ya buɗe: shinkafa da kifi, an ɗebi kamar cokali biyu. Ta Talata ko cokali bai shiga ba. Ya buɗe ta Laraba, ya buɗe ta Alhamis.

"Mama, me kika ci a makon nan?"

"Ba abin da ya lalace. Duba da kyau."

"Na gani. Me kika ci?"

Ta juyo wurina, kamar ni ne zan ba da amsa. "Shayi," ta ce. "Ina zuba abincin, in zauna. Sai in ga ba ya wucewa, sai in rufe in ajiye kada ya lalace."

"Kawu, kai ba ka lura ba?"

Na ce ni ɗan dako ne, daga ƙofar kicin aikina yake ƙarewa. Ba wanda ya yi dariya, har ni.

Ba ta yi gardama ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Matar da ta taɓa mayar da buhun wake arba'in saboda ƙwari, ta zauna a kan kujerar kicin tana kallon ɗanta yana kiran mai motar kwashe kaya. Tukwanenta manya aka ce babu wurinsu a can. Uku suna shagona yanzu, ina zuba ƙyallaye a ciki.

Nakan je gaishe ta ranar Asabar, tunda hannuna ya saba rufe shago. Suna kula da ita, tsakani da Allah, har ta ɗan yi kumari, don jikoki ba sa barin kowa ya ci shi kaɗai. Makon jiya ina zaune surukarta ta leƙo da mayafi a kafaɗa, ta ce za ta kasuwa, ko Mama tana son wani abu.

"Me za ku dafa a makon?" in ji Yaya.

"Sai abin da na gani, Mama."

Yaya ta gyara zaman filon da ke bayanta.

"To," ta ce. "A dawo lafiya."