Ragin Bayan Salla

Lokacin da nake riƙe da kantin atamfa a bakin kasuwar Konni, da jarin yayana, na yi wata dabara da na ɗauka babu irinta daga nan har Makka. Bayan ƙaramar salla na sa sankira ya zagaya gari yana shelar na karya kuɗin turamen da suka yi kwantai. Cikin kwana uku kanti ya zama fayau. Ribar turmi dala arba'in ce, na yafe talatin, ina ta washe baki.

Da shekara ta zagayo na ce babu ragi, amma bayan salla na sake, har da sabon yayi. A ta uku, azumi ya kai ashirin, lokacin da mai tufafi ke samun abincin shekara, amma ko ƙuda ya daina leƙo ni. Sai wata tsohuwa daga Dogarawa ta shigo, ta shafa turmi, ta ce, "Ɗana, yaushe sankiran naka ka hita? Mu dai da na bara za mu salla."

Na ce, "Inna, bana babu ragi."

"Hakanan ka ce bara!"

Da na faɗa wa yayana, sai ya ce, "Turmi huɗu kake saidawa ka ga ribar guda, kuma ka koya ma gari jira."

A wannan shekarar ban rage ko dala ba. Mutane suka ci gaba da jira, kaya na kwance. Kafin babbar salla yaya ya karɓi makullinsa.